Nazarin Alƙaluma a Binciken Kuɗi: Kafin Fara Aiki da Kafin Sa Hannu

Nazarin alƙaluma hanya ce da mai binciken kuɗi, wato odita, yake bi domin auna bayanan kuɗin kamfani ta hanyar duba dangantakar da ke tsakanin wani adadi da wani. Tushensa shi ne cewa harkokin kamfani a ɗaure suke da juna. Masana'antar da ta ƙara yawan kayan da take sarrafawa dole ta ƙara sayen ɗanyen kaya, ta ƙara shan man gas da wutar lantarki, motoci su ƙara fita daga ƙofarta. Idan littattafai suka nuna ciniki ya yi tsalle amma waɗannan abubuwa suna nan inda suke, to akwai abin tambaya, domin ruwa ba ya tsami banza.

Hukumar duniya da ke tsara ƙa'idojin binciken kuɗi, IAASB, ta wajabta wannan nazari a wurare biyu. Ƙa'idar ISA 315, wadda aka sabunta a 2019, ta sa shi cikin matakan da odita zai bi tun a lokacin tsara aiki, domin gano wuraren da ake fargabar samun babban kuskure. Ƙa'idar ISA 520 kuma ta ce a sake yin sa dab da kammala aiki, domin a ga ko bayanan kuɗin gaba ɗayansu sun dace da abin da odita ya fahimta game da kamfanin. Akwai amfani na uku a tsakiyar aiki, inda ake kafa hujja da shi a kan wani adadi guda, kamar kuɗin haya ko albashi, amma wannan zaɓi ne, odita na iya bin wata hanya. Na farko da na ƙarshe ba su da makawa. Waɗannan ƙa'idoji su ne masu binciken kuɗi a Najeriya ke aiki da su.

Abin da ya raba nazari na gaskiya da cika takarda kawai shi ne tsammani. Kafin odita ya kalli adadin da kamfani ya rubuta, ya kamata ya fara tambayar kansa nawa ya dace adadin ya kasance, bisa abin da ya sani game da kasuwa, da farashi, da ƙarfin injinan kamfanin. Sannan ya yanke iyakar bambancin da zai iya haƙura da shi ba tare da bincike ba. Sai bayan haka ya kwatanta, ya bi sawun duk abin da ya zarce iyakar. Wanda ya fara kallon adadin kamfani kafin ya gina tsammaninsa, yawanci zuciyarsa kan nemo masa dalilin da zai sa adadin ya zama daidai. Wannan rauni ne na ɗan Adam, kuma ƙwararru ma ba su tsira daga gare shi ba.

Misali zai fi bayyana yadda abin yake. A ɗauka akwai wani kamfanin casar shinkafa a Kano, wanda shekarar lissafinsa ke ƙarewa a 31 ga Disamba. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, an zaɓe su domin sauƙin lissafi.

Bara kamfanin ya yi cinikin naira biliyan 6. Abin da ya kashe wajen samar da shinkafar da ya sayar, wato kuɗin shanshera da man gas da buhuna da leburori, ya kai biliyan 5.1. Abin da ya rage, miliyan 900, shi ne ribar kan kaya, kafin a cire albashin ofis da kuɗin ruwan banki da haraji, kuma ya kama kashi 15 cikin ɗari na ciniki. A ƙarshen shekarar kamfanin yana bin kwastomominsa bashin miliyan 500. Bana kuwa daftarin lissafin da aka miƙa wa odita ya nuna ciniki biliyan 9, kuɗin samar da kaya biliyan 7.2, ribar kan kaya biliyan 1.8, wato kashi 20 cikin ɗari, bashin da ake bin kwastomomi kuma biliyan 1.5. Ribar da ta rage kafin haraji biliyan 1 ce.

Odita kan fara da yanke ma'aunin kuskuren da zai iya sauya ra'ayin mai karanta lissafin, kamar banki ko mai hannun jari. Ƙa'ida ba ta ƙayyade wani kaso ba, amma a kamfanonin neman riba an saba ɗaukar kusan kashi 5 cikin ɗari na ribar kafin haraji. A nan ya kama miliyan 50.

Kallon farko yana nuna ciniki ya ƙaru da rabi. A wata ƙasa wannan kaɗai zai ɗaga gira, amma a Najeriya ta 'yan shekarun nan ba lallai ba ne. Bayan sakin farashin naira a watan Yunin 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, har ta kai kamfanin da bai ƙara ko buhu ɗaya ba zai iya nuna ciniki ya kumbura. Saboda haka kwatanta nairar bana da ta bara kai tsaye ba ya faɗin komai. Dole a raba ƙaruwar gida biyu, abin da farashi ya kawo da abin da yawan kaya ya kawo. A misalin nan matsakaicin farashin buhu mai kilo 50 ya tashi daga naira 50,000 zuwa 60,000. Ke nan bara an sayar da buhu 120,000, bana kuma, idan biliyan 9 gaskiya ne, an sayar da buhu 150,000.

A nan ne alƙaluman da ba na kuɗi ba suke da daraja. Odita ya bar ofishin akanta ya nufi wajen manajan masana'anta, ya karɓi littafin da ake rubuta shansherar da ke shiga inji kullum. Littafin ya nuna bara an casa tan 10,000, aka samu tan 6,000 na gyararriyar shinkafa, wato kashi 60 cikin ɗari, saura dusa ce da ɓawo da karyayya, waɗanda ake lissafa cinikinsu daban. Bana an casa tan 11,000. Injin bai sauya ba, don haka abin da ake tsammani shi ne tan 6,600, wato buhu 132,000. Litar man gas da aka ƙona ita ma ta ƙaru da kusan kashi 10 cikin ɗari, abin da ya goyi bayan littafin masana'anta. Buhu 132,000 a kan naira 60,000 ya ba da biliyan 7.92. Tsakanin wannan da biliyan 9 akwai giɓin biliyan 1.08, daidai da buhu 18,000 da aka ce an sayar alhali inji bai nuna ya fitar da su ba. Giɓin ya ninka ma'aunin miliyan 50 fiye da sau ashirin.

Littafin masana'anta ya fi amfani a nan saboda ba mutanen da ke rubuta ciniki ne ke riƙe da shi ba. Wanda ya so ƙawata lissafi yana iya taɓa alƙaluman ofis, amma da wuya ya tuna da littafin mai kula da inji, ko na mai gadi da ke rubuta lambobin motocin da suka fita.

Bashin kwastomomi shi ma yana faɗin irin wannan labari. Ana auna shi da kwanaki: a raba bashin da cinikin shekara, a ninka da 365. Bara miliyan 500 a kan biliyan 6 ya ba da kimanin kwana 30, ma'ana kwastoma kan biya cikin wata guda. Bana biliyan 1.5 a kan biliyan 9 ya ba da kusan kwana 61. Ko dai kamfanin ya sassauta sharuɗɗan bashi, ko kwastomomi sun fara gazawa, ko kuma akwai cinikin da aka rubuta wanda ba wanda zai biya shi yanzu domin bai auku ba tukuna. Da aka warware cinikin wata-wata sai aka ga na Disamba ya kusan ninka na kowane wata, kuma mafi yawansa ya taru a makon ƙarshe. Shinkafa tana ja a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara, gaskiya ne, amma 'yan kasuwa kan sari kayan bukin ne tun kafin bukin, ba bayan ya wuce ba. Jimillar shekara takan ɓoye irin wannan, shi ya sa warware adadi wata-wata, ko reshe-reshe, ko kaya-kaya, yake ƙara wa nazarin kaifi.

Duk wannan bai tabbatar da laifi ba. Nazarin lokacin tsara aiki yana nuna inda za a haƙa ne kawai, kuma sau da yawa da alƙaluman da ba a gama tacewa ba ake yin sa. Wataƙila akwai ragowar shinkafar bara a sito da aka sayar bana. Wataƙila kamfanin ya sari gyararriyar shinkafa daga wata masana'anta ya sayar. Abin da nazarin ya sauya shi ne tsarin aikin. Ƙa'idar ISA 240, wadda ta shafi zamba, dama ta ce odita ya ɗauka tun farko akwai haɗarin zamba a yadda ake rubuta kuɗin shiga, sai in yana da dalilin kore wannan zato. Yanzu zaton ya samu wuri da lokaci: cinikin makon ƙarshe na Disamba. Odita zai sa ƙwararren ma'aikaci a wannan sashe, ya bi kowace takardar ciniki ta makon har zuwa takardar fitar da kaya da littafin ƙofa, ya rubuta wa manyan kwastomomi su tabbatar da bashin da ake bin su, ya kuma duba ko an soke wasu cinikayya a Janairu. Sassan da alƙalumansu suka zo daidai da tsammani, kamar albashi, za su samu aiki mai sauƙi.

A misalin nan, binciken ya gano buhu 3,000 daga ragowar bara suka fito, kuma takardun ƙidayar sito sun tabbatar da haka. Sauran buhu 15,000, na naira miliyan 900, oda ce da dillalai suka bayar, aka rubuta ta a matsayin ciniki a Disamba, amma sai a Janairu da Fabrairu aka casa shinkafar aka kai musu. Shanshera da buhunan da aka ware domin odar, masu darajar miliyan 720, an cire su daga lissafin sito da sunan sun zama na masu saye. Shugabannin kamfanin suka amince a gyara. Ciniki ya dawo biliyan 8.1, kuɗin samar da kaya biliyan 6.48, bashin kwastomomi miliyan 600.

Daga nan ne nazari na ƙarshe yake shigowa. Dabarun kusan iri ɗaya ne da na farko, amma yanayin ya bambanta. A farko odita baƙo ne ga lissafin shekarar, yana neman tambayoyi. A ƙarshe ya shafe makonni cikin takardun kamfanin, an shigar da gyare-gyare, kuma tambayar da ke gabansa ita ce ko hoton da lissafin ya zana shi ne kamfanin da ya gani da idonsa. Akan bar wannan aiki ga babban ma'aikaci, ko shi kansa wanda zai sa hannu, saboda a lokacin aiki kowa sashensa yake kallo: wannan yana kan bashi, wancan yana kan sito, wani yana kan banki. Kowane sashe yana iya zama daidai a fayil ɗinsa, amma idan aka haɗa su su ƙi zama tare.

Da aka sake lissafi bayan gyara, kwanakin bashin kwastomomi sun sauka zuwa 27, kusa da na bara. Wannan tambaya ta rufu. Amma ribar kan kaya, biliyan 1.62 a kan biliyan 8.1, tana nan a kashi 20 cikin ɗari. Tun a lokacin tsara aiki an lura da tashinta daga 15 zuwa 20, sai dai da aka gano cinikin Disamba kowa ya ɗauka shi ne sanadi, hankali ya kwanta. Lissafi ya nuna ba shi ba ne, domin an cire cinikin tare da kuɗin kayansa, kason bai motsa ba. Wannan kuskure ne da ake yawan faɗawa ciki: a samu dalili ɗaya na gaskiya, a ɗora masa nauyin duk abin da ba a gane ba.

Fayil ɗin ya nuna an tambayi akantan kamfanin tun da farko, ya ce farashin shinkafa ne ya tashi. Biri ya yi kama da mutum, amma amsar ba ta jure lissafi. Farashin gyararriyar shinkafa ya tashi da kashi 20 cikin ɗari, takardun saye kuma sun nuna shanshera ta tashi da kusan haka, man gas ma bai sauka ba. Idan abin sayarwa da abin saye suka tashi tare, kason riba a wurinsa yake tsayawa. ISA 520 ta ce idan aka ga bambancin da ba a zata ba, a tambayi shugabannin kamfani, sannan a nemi hujjar da ta shafi amsarsu, a kuma yi ƙarin bincike idan hali ya buƙata. Amsar baki ba hujja ba ce. Hanya mafi sauƙi ta gwada ta ita ce a mayar da ita adadi, a ga naira nawa cikin giɓin ta iya cikewa. A nan giɓin kashi 5 cikin ɗari ne na biliyan 8.1, kimanin miliyan 400, kuma bayanin akanta bai cike komai a ciki ba.

Wanda ke nazarin ƙarshe sai ya duba sauran lissafin ya ga me kuma ya ƙi zama. Shansherar da ke sito a ƙarshen shekara ta fi ta bara yawa, abin da ya dace da kamfanin da ya yi sayayya sosai a kaka. Amma bashin da masu kawo shanshera ke bin kamfanin ya ragu, alhali kuɗin da ke banki bai nuna an yi wasu manyan biyan kuɗi ba. Kaya sun ƙaru, bashi ya ragu, kuɗi bai fita ba: waɗannan uku ba sa haɗuwa. Aka koma ga littafin ma'aunin motoci na Nuwamba da Disamba, aka kwatanta shi da littafin saye, aka kuma duba kuɗaɗen da kamfanin ya biya a Janairu. Sai ga kimanin tan 740 na shanshera, na kusan naira miliyan 400, waɗanda dillalai suka kawo bashi, aka sauke su, aka ƙirga su cikin sito ranar ƙidaya, amma ba a rubuta sayensu ba sai da aka biya a sabuwar shekara. Tun da kuɗin samar da kaya ana fitar da shi ne ta hanyar haɗa kayan farkon shekara da abin da aka saya, a cire abin da ya rage a sito, to ƙirga kaya ba tare da rubuta sayensu ba yana rage wannan kuɗi, ya ƙara riba da daidai adadin.

Dalilin da ya sa wannan ya tsallake ma'aikacin da ya binciki basussuka abu ne mai muhimmanci. Ya ɗauki jerin basussukan da kamfani ya rubuta, ya zaɓi wasu, ya tabbatar kowanne gaskiya ne, kuma duk gaskiya ne. Amma bincikar abin da aka rubuta ba ya nuna abin da ba a rubuta ba. Abin da aka tsallake ba shi da takarda a fayil, sai dai ya bar rami a dangantakar alƙaluma, kuma nan ne nazari ya fi duba takarda ɗaya-ɗaya ƙarfi.

Bayan gyara na biyu kuɗin samar da kaya ya zama biliyan 6.88, ribar kan kaya biliyan 1.22, wato kashi 15 cikin ɗari. Ribar kafin haraji ta faɗo daga biliyan 1 zuwa miliyan 420. Wannan yana jawo wasu ayyuka. Ma'aunin miliyan 50 an gina shi ne a kan ribar da ba ta tabbata ba, don haka dole a sake duba shi, kuma ƙananan kurakuran da aka bari a baya suna iya zama manya a sabon ma'auni. Kurakurai biyu da duk suka karkata wajen ƙara riba a ƙarshen shekara kuma suna sa odita ya tambayi ko ganganci ne, musamman idan kamfanin na neman rance ko ladan manajoji a kan riba yake. Idan nazarin ƙarshe ya fito da haɗarin da ba a gani ba a da, ƙa'ida ta ce a koma a gyara ƙiyasin haɗari, a ƙara aiki, ko da ranar miƙa rahoto ta matso. Da shugabannin kamfanin sun ƙi gyara, da odita bai ba da rahoto mai tsabta ba, sai dai mai togaciya, ko ma ya ce lissafin bai nuna gaskiyar halin kamfanin ba idan ɓarnar ta game ko'ina.

Nazarin alƙaluma yana da iyakokinsa, kuma mafi hatsari a ciki shi ne lissafin da aka gyara da gangan domin ya yi kama da na bara. Kamfanin sadarwa na Amurka, WorldCom, shi ne sanannen misali. A watan Yunin 2002 ya bayyana cewa an ɗauki kimanin dala biliyan 3.8 na kuɗin da yake biyan wasu kamfanoni domin amfani da layukansu, waɗanda kuɗin gudanarwa ne na yau da kullum, an rubuta su a matsayin kadara. Da wannan dabara aka riƙe kuɗin layuka a kusan kashi 42 cikin ɗari na kuɗin shiga, zango bayan zango, a daidai lokacin da kasuwar sadarwa ke durƙushewa. Kamfanin Arthur Andersen, wanda ke binciken lissafin, ya dogara sosai ga neman abin da ya sauya, kuma bai ga sauyi ba. Sashen binciken cikin gida, ƙarƙashin Cynthia Cooper, shi ya tono maganar ta hanyar bin shigarwar lissafi ɗaya bayan ɗaya. Rashin motsin kason shi ne ya kamata ya tayar da hankali, domin wanda ya gina tsammaninsa daga halin kasuwa zai sa ran kason ya tashi. Wanda ya ɗauki adadin bara a matsayin tsammaninsa kuwa, ya ba mai zamba amsar jarrabawa tun kafin a shiga aji.

Sauran iyakokin sun fi wannan sauƙin ganewa. Kurakurai biyu masu karo da juna, ɗaya ya ƙara ɗaya ya rage, suna iya ɓacewa cikin jimilla. Kamfani sabo ba shi da bara da za a kwatanta da ita, wanda ya sauya sana'a ko ya haɗe da wani kuma barar tasa ba ta da amfani sosai. Ƙananan kamfanoni da yawa ba sa fitar da lissafin wata-wata, sai odita ya yi aiki da daftarin ƙarshen shekara da abin da ya ji daga mai kamfani. Kasafin kuɗin kamfani ma ba kullum ake dogara da shi ba, domin wani kasafin buri ne aka rubuta, wani kuma shi ne abin da manajoji suka matsa wa littattafai su cimma. Haka nan littafin masana'anta da na ƙofa suna da amfani ne gwargwadon yadda ake kula da su, don haka odita kan gwada wasu kwanaki daga cikinsu da takardun awo kafin ya gina lissafi a kansu.

Duk matakan nan ana rubuta su a fayil ɗin aiki: abin da aka yi tsammani da dalilinsa, inda aka samo alƙaluman, bambancin da aka gani, amsar da shugabannin kamfani suka bayar, da hujjar da ta tabbatar da ita ko ta rushe ta. Wanda zai sa hannu yana karanta wannan tare da bayanan kuɗi na ƙarshe, kuma ba a sanya wa rahoto kwanan wata sai an rufe kowace tambaya da nazarin ya buɗe.